Yadda Ake Tantance Ingancin Ƙunshi Daga Hoton Hannu

Galibin masu neman mai ƙunshi a yau ba sa ganin aikinta ido da ido kafin su biya kafin alƙalami. Hoto ake turo musu ta waya, su duba, su ce ya yi ko bai yi ba. Matsalar ita ce hoton hannu yana ɗauke da aikin mutum biyu, wato aikin wadda ta yi zanen da aikin wadda ta riƙe wayar, kuma sau da yawa abin da ya burge mai kallo na ta biyun ne. Saboda haka ƙa'idar da zan bi a nan ita ce a fara yi wa hoton hukunci kafin a yi wa lallen. Idan hoton ya tsallake, sai a duba daidaiton zanen, sannan kamun lallen, sannan zaman zanen a kan hannun gaba ɗaya. Zan riƙa komawa ga hotuna biyu da aka turo mana lokacin da muke neman wadda za ta yi wa ƙanwata ƙunshin aure, domin da su na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Mataki na farko: ki tabbatar hoton ya cancanci a yi hukunci da shi

Abu na farko da za ki duba shi ne yadda aka ajiye hannun. Hannun da ya dace a auna shi ne wanda aka shimfiɗa a kan abu mai lebur, yatsu a miƙe kuma a ɗan ware, wayar tana kallonsa daga sama sak. Idan an lanƙwasa yatsun, ko an ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya, ko an karkata tsintsiyar hannu kamar mai nuna awarwaro, to fata ta ja gefe guda, kuma da'irar da take daidai za ta fito kamar ƙwai, wadda ta karkace kuwa tana iya fitowa daidai. Irin wannan hoto ya isa a yi talla da shi, amma bai isa a yi awo da shi ba.

Na biyu shi ne nisan wayar. Kyamarar waya tana kumbura duk abin da ya matso kusa da ita, don haka idan aka kusanto da ita sosai, yatsun da ke gaba za su yi girma, tsintsiyar hannu ta tsuke. Za ki gane haka idan kika ga yatsu sun yi tsawon da bai dace da tafin ba. Abin da ya fi shi ne a ɗaga wayar kamar kamu biyu daga hannun, daga baya a yanke gefen hoton.

Na uku, kuma shi ya fi yaudarar mutane, shi ne haske. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana ƙara wa jan lalle ja, hasken filashi yana wanke launi a tsakiya ya bar gefe da duhu, rana tsaka kuma tana sa fata ƙyalli har layukan su ɓace. Hasken da ba ya ƙarya shi ne na inuwa da rana, kamar a bakin taga ko ƙarƙashin rumfa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ki nemi wani abu a cikin hoton da kika san farinsa, ko takarda ko zanin gado ko bango. Idan farin ya koma ruwan goro ko ya yi ja-ja, to launin lallen ma an ƙara masa daidai wannan gwargwado. Haka kuma ki ja hoton ki duba fatar gaɓoɓin yatsu. Fatar ɗan Adam tana da ƙananan tattara a wurin, kuma idan kika ga ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, an bi hoton da gyara, wanda ya goge tattarar kuwa ya goge rawar layi tare da ita.

Idan kina da damar neman wani hoton, ki faɗi abin da kike so dalla-dalla: hannu biyu a shimfiɗe gefe da gefe, baya da ciki, a inuwa, da farar takarda a ƙarƙashi, ba zobe ba awarwaro. Ki kuma roƙa a turo shi a matsayin Document idan ta WhatsApp ne, domin turawar da aka saba tana matse hoto, siraran layuka su dushe su haɗe, ki ɗora wa mai zane laifin da ba nata ba.

Mataki na biyu: daidaiton zane

Kafin ki ce zane ya karkace, ki fara gane ko an yi niyyar ya zama daidai gida biyu. Akwai zanen da aka gina a kan tsakiya, kamar fure mai da'ira a bayan hannu ko jerin lu'u-lu'u da ya sauko daga yatsan tsakiya, akwai kuma wanda aka yi da gangan a karkace, irin wanda ake kira na Larabawa, ya taso daga manuniya ya ratsa bayan hannu ya sauka a ɗaya gefen tsintsiya. Na biyun ba a auna shi da wannan ma'auni a hannu ɗaya, sai dai a gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya hannun.

Ga zanen da aka gina a kan tsakiya, ki ja layi a ranki, ko da alƙalamin gyaran hoto na wayarki, daga tsakiyar farcen yatsan tsakiya zuwa tsakiyar tsintsiyar hannu. Wannan layin shi ne ƙashin bayan zanen. Tsakiyar furen ya kamata ta faɗa a kansa, haka ma tsinin duk wani abu da ya nufi sama ko ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne furen ya zame zuwa wajen babban yatsa, saboda faɗin naman da ke gindin babban yatsa yana sa ido ya ɗauka tsakiyar hannu ta can take. Mai zanen da ta ƙware ba ta lissafa babban yatsa idan za ta nemi tsakiya.

Bayan haka sai ƙidaya, kuma a nan ne haƙuri yake biya. Ki ja hoton ki ƙirga ganyen furen ɗaya bayan ɗaya, ki lura da faɗin kowane. Mai zane tana fara zagaye daga wani wuri ta dawo wurin, kuma idan ba ta raba filin tun farko ba, ganyen ƙarshe ne ke tona mata asiri: ko ya matse ya zama siriri don wuri ya ƙare, ko ya yi faɗi fiye da saura don cike gurbi. Idan kika zagaya furen ba ki iya gane inda aka fara da inda aka gama ba, hannun mai zanen ya zauna. Ki yi haka da ɗigo-ɗigon da ke kewaye da shi, ki duba ko girmansu ɗaya ne kuma tazararsu ɗaya ce. Ɗigo shi ne abu mafi sauƙi a zane, shi ya sa mai gaggawa take sakaci da shi.

Sai kuma gwada hannu da hannu. Idan hannayen biyu suna cikin hoto ɗaya, ki yanke kowanne daban, ki juya ɗaya da maɓallin Flip da ke wajen gyaran hoto, ta yadda duka biyun za su zama kamar hannun dama, sannan ki riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan da sauri. Ido ba ya iya riƙe bambanci ƙarami idan abubuwa biyu suna fuskantar juna, amma idan suka fuskanci gefe ɗaya, duk abin da ya motsa zai yi tsalle. Abubuwa uku za ki duba: inda zanen ya tsaya a hannu, yawan zagayen furen, da iyakar jan da ke kan yatsu, wato ko ya tsaya a gaɓar farko a duka yatsun ko wani ya haura wani ya gaza.

Hoton farko da aka turo mana ya faɗi a nan. Zane ne mai cika ido, kowa a gidan ya yaba, har gwaggonmu ta ce, "Ke dai ki biya kawai, wannan ai ba sai an duba ba." Da na juya hannun hagu na ɗora shi a kan na dama, sai ga furen dama da ganye 12, na hagu da 11, kuma zanen hagu ya gaza na dama da kusan faɗin yatsa ɗaya a tsintsiya. An ɗora hannun dama a kan na hagu a hoton, awarwaro kuma ya rufe daidai inda gazawar take. Ba na cewa da gangan aka yi, amma hannun da aka yi daga baya, lokacin da mai zane ta gaji amarya ma ta gaji da zama, shi ne yawanci ake sakawa a ƙasa.

A yi adalci kuma. Aikin hannu ne, ba hatimi ba, kuma hannayen mutum ɗaya ma ba girmansu ɗaya cif ba. Bambancin da sai an ja hoto sosai ake ganinsa ba aibi ba ne. Aibi shi ne wanda mai zaune kusa da amarya za ta gani idan ta haɗa hannayenta a cinya.

Mataki na uku: kamun lalle

Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin launin lalle ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ba za ki iya cewa ya kama ko bai kama ba sai kin san kwanansa nawa a hannu. Sinadarin da ke cikin ganyen lalle yana shiga matacciyar fatar sama ya manne da ita. Lokacin da aka kankare ƙullun, launin ruwan lemo ne mai haske, sannan iska ta riƙa duhunta shi a hankali har ya kai ƙarshen nunarsa bayan kamar awa 48, ya zama ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Daga nan sai ya fara komawa baya yayin da fatar ke saɓulewa, ya ɓace cikin mako ɗaya zuwa uku. Ke nan hannu ɗaya yana iya ba da hoto huɗu mabambanta, kuma aikinki na farko shi ne ki gane wanne kike kallo.

Idan layukan sun yi tudu, suna ƙyalli ko sun bushe sun tsattsage, kuma suna da 'yar inuwa a gefensu, to ƙullun ne bai fita ba. Yawancin hotunan talla a wannan lokaci ake ɗaukarsu, saboda a nan ne zane ya fi fitowa raɗau. Irin wannan hoton yana nuna gwanintar zane, amma ba ya faɗin komai game da kamu. Idan launin ruwan lemo ne kuma bai ɗaya, sabon cirewa ne, kada ki raina shi. Idan kuwa ruwan lemo ne mai dabbare-dabbare, wani wuri da duhu wani wuri ya koɗe, musamman a kan yatsun da ake wanki da girki da su, tsohon lalle ne mai tafiya. Farce yana taimakawa wajen raba waɗannan biyun. Lallen da ya hau farce ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi, kuma farcen hannu yana tsiro da kamar milimita 3 a wata. Idan jan ya kai har gindin farce, ƙunshin sabo ne. Idan akwai siririn farin layi a gindin, ya kwana fiye da mako.

Da zarar kin tabbatar hoton na kwana biyu ne ko uku, sai ki duba yadda duhun ya rabu a hannu. Lalle na gaskiya ba ya kamawa daidai a ko'ina. Tafin hannu da kan yatsu sun fi kauri, don haka sun fi duhu. Bayan hannu yana biye da su da ɗan haske, daga tsintsiya zuwa sama kuma ya ƙara haske. Wannan saukowar launi alama ce ta lafiya, ba aibi ba. Abin da ya kamata ya tsayar da ke shi ne launin da ya zama ɗaya tun daga kan yatsa har kusa da gwiwar hannu, domin hakan yana nufin ko an gyara hoton, ko kuma abin da aka shafa rini ne mai zama a saman fata. Irin jan da ke fitowa jawur cikin 'yan mintuna yana da kyau a hoton ranar farko, amma yakan ɓare da wuri, kuma ba a gane hakan sai da hoton kwana na huɗu ko na biyar.

Launin fatar mai hannun ma yana cikin lissafi. A fata mai duhu, jan lalle a bayan hannu ba ya fitowa sosai ko da ya kama iya kamawa, kuma wannan ne ya sa aka saba sa ja a tafi da kan yatsu, a bar bayan hannu wa baƙi. Saboda haka kada ki gwada hoton hannun farar mace da na baƙa ki ce wannan ta fi waccan iya kwaɓi. Ki gwada tafi da tafi, domin a nan bambancin fata ya fi ƙanƙanta. Ki kuma yi hattara da hannun da aka shafe da mai kafin hoto, domin mai yana ƙara wa launi zurfi na ɗan lokaci kamar yadda ruwa yake yi wa dutse.

Sai gefen layi. Ki ja hoton har layi ɗaya ya cika fuskar waya. Layin da ya kama da kyau yana da baki mai kaifi, cikinsa kuma a cike. Idan gefensa ya yi hazo kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, ƙullun ya yi ruwa ko hannun ya yi gumi a cikin leda, ya nashe. Idan tsakiyar layi tana da ɓuli-ɓuli, ƙullun ya bushe ya zube kafin ya gama aiki. A ƙunshin salatif, wurin dubawa shi ne kusurwoyi da inda salatif ya haye kan tattarar tafi, domin ta nan lalle yake kutsawa idan ba a danne da kyau ba. Fararen layuka da suka bi tsagar tafi kuwa yawanci alama ce cewa mai hannun ta dunƙule shi kafin lokaci, kuma wannan ba laifin mai ƙunshi ba ne.

Game da baƙi, magana ɗaya ce tilas a faɗa. Ganyen lalle shi kaɗai ba ya ba da baƙi ƙirin a bayan hannu cikin awa ɗaya. Baƙin da ake kira dayis yawanci yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ake rubutawa PPD, kuma yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa da ke bin sawun zanen, wani lokaci su bar tabo. A hoto, ki duba ko fatar da ke gefen baƙin layi ta yi ja ko layin ya taso bayan an wanke. Amma rashin ganin haka ba shaida ba ce, domin sau da yawa cutar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, har zuwa mako biyu. Hoto yana iya nuna miki cewa baƙin ya fito, ba zai iya nuna miki cewa fatar ƙanwarki za ta ɗauke shi ba. Wannan tambaya ce da ake yi da baki: me aka haɗa, kuma ko amarya ta taɓa samun matsala da rinin gashi ko baƙin lalle.

Mataki na huɗu: zaman zane a hannu

Bayan duk wannan jan hoto, yanzu sai ki yi akasinsa. Ki mayar da hoton baƙi da fari, ki rage shi ya zama kamar girman akwatin ashana, ko ki ajiye wayar ki ja da baya taku uku. A wannan nisa ƙananan ado sun ɓace, abin da ya rage shi ne inda duhu ya taru da inda fata ta sha iska, kuma haka mutanen da ke wurin biki za su ga hannun. Zane mai kyau yana da wuri ɗaya da ido ke fara sauka, sannan ya bi hanya zuwa yatsu ko zuwa tsintsiya. Idan hannun ya zama dunƙulen duhu ɗaya, an cika shi fiye da kima. Idan yatsu sun yi nauyi bayan hannu ya zama fayau, ko akasin haka, nauyin bai rabu ba.

Filin da aka bari ba zane yana da muhimmanci kamar zanen kansa, kuma yana da dalili na aiki ban da na kyau. Layuka suna iya ɗan buɗewa yayin da ƙullu yake kan fata, don haka siraran layukan da aka jera kusa da juna ƙwarai, waɗanda suke burgewa a hoton ɗanyen lalle, sukan haɗe su zama tabo ɗaya bayan kwana biyu. Ma'aunin da nake bi shi ne tazarar da ke tsakanin layi biyu kada ta gaza kaurin layin kansa. Ki kuma duba ko akwai bambancin kauri, wato layi mai kauri da ya zagaye manyan siffofi da siriri da ya cike cikinsu. Zanen da duk layukansa kauri ɗaya ne yakan yi kama da raga, ido ya rasa inda zai tsaya.

Ga zanen da aka karkata da gangan, nan ne ake yi masa hukunci. Ki duba ko filin da ya rage a gefen babban yatsa da wanda ya rage a gefen ƙaramin yatsa suna kusa da juna a girma, kuma ko reshen yana sirancewa a hankali yayin da yake hawa yatsa maimakon ya yanke kwatsam. Ƙarshen zane a tsintsiya ma abin dubawa ne: ya rufe da wani abu da ke nuna an gama, ba ya tsaya kamar wadda aka kira ta tashi ba.

Hoto na biyu da aka turo mana bai burge kowa ba da farko. An ɗauke shi a tsakar gida a kan tabarma, ba zobe ba mai, zanen kuma bai cika hannu ba. Amma furen ya zauna a kan layin yatsan tsakiya, ganye 8 a kowane hannu, jan yatsu ya tsaya a gaɓar farko a duka goman, kuma tafin ya fi bayan hannu duhu yadda ya kamata. Aibi ɗaya na gani, wato ɗigon da ke ƙaramin yatsan hagu sun fi na dama girma kaɗan. Na rubuta wa mai ƙunshin na ce, "Hajiya, don Allah wannan hoton kwanansa nawa da cirewa?" Ta amsa cewa kwana biyu, ta kuma turo na hannun ɗaya a rana ta shida ba tare da na roƙa ba. A wannan hoton jan ya sauko ya yi haske a kan manuniya da babban yatsa, amma layukan furen suna nan a rabe, ana iya ƙirga ganyen takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ita muka ɗauka, muka kuma roƙe ta ta fara da hannun hagu ranar ƙunshin.